Kayan da Suka Rage a Sito: Yadda Ƙimarsu Ke Ɗaga Haraji ko Sauke Shi

Duk kamfanin da ke rufe lissafinsa a ƙarshen Disamba ya san ranar ƙidaya. Ana tsayar da lodi da sauke kaya, a rufe ƙofar sito, yaran shago su hau kan jerin buhuna suna ƙirgawa layi-layi, magatakarda na biye da su da biro da takarda. Buhun da ya fashe a ware shi gefe, wanda ruwa ya taɓa a yi masa alama. Kafin la'asar an san adadin abin da ya rage, kuma idan an yi aikin da gaskiya ba wanda zai yi gardama a kai, domin buhu abu ne da ake gani, ake taɓawa.

Gardamar tana tasowa ne a mataki na gaba. An ce buhu 2,500 na shinkafa suka rage. To, nawa ne kuɗinsu? A cikin shekarar an sari shinkafa sau uku ko huɗu, kowane sari da farashinsa, kuma buhunan iri ɗaya ne, ba wanda aka rubuta wa ranar da ya shigo. Farashin da aka zaɓa aka liƙa wa waɗannan buhuna shi ne zai yanke yawan ribar da kamfanin zai bayyana, ribar kuma ita ce ake yanka wa haraji. Manyan hanyoyi biyu ne ƙa'idar akantoci ta amince da su wajen wannan zaɓi, kuma a shekarar da farashi ke gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana iya kai miliyoyin naira.

Yadda ragowar kaya ke shiga lissafin riba

Mutane da yawa suna ɗauka riba ita ce kuɗin da aka samu na ciniki a cire kuɗin da aka kashe wajen sari. Wannan lissafi yana tafiya daidai ne kawai idan an sayar da komai kakaf. Idan akwai ragowa, ba daidai ba ne a ɗora wa cinikin bana kuɗin kayan da ba a sayar ba tukuna, tunda suna nan a sito, kuma cinikinsu na baɗi ne.

Saboda haka akanta yakan bi matakai uku. Yana ɗaukar kuɗin kayan da aka buɗe shekara da su, ya haɗa da kuɗin duk abin da aka saro a cikin shekarar. Daga wannan jimla sai ya cire kuɗin kayan da suka rage a ƙarshe. Abin da ya saura shi ne uwar kuɗin kayan da aka sayar, kuma ita ake cirewa daga ciniki a sami riba.

Abin lura a nan ɗaya ne, kuma duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Jimlar kuɗin da aka kashe ba ta canzawa, raba ta ake yi gida biyu: kashi ɗaya ya bi kayan da suka fita, kashi ɗaya ya zauna da kayan da suka rage. Duk nairar da aka ƙara wa ragowar kaya, an rage ta ne daga uwar kuɗin kayan da aka sayar, don haka riba ta ƙaru da naira ɗaya. Duk nairar da aka rage wa ragowar kaya, riba ta ragu da ita. Ƙimar ragowa ta hau, riba ta hau, haraji ya hau. Ƙimar ragowa ta sauka, su ma su sauka.

Misali daga sito ɗaya

Mu ƙaddara wani kamfanin dillancin shinkafa a kasuwar Singa da ke Kano. Alƙaluman na misali ne, an daidaita su don lissafi ya yi sauƙi, amma irin wannan hawan farashi ba baƙo ba ne ga wanda ya yi kasuwanci a 2024. Kamfanin ya buɗe shekara da buhu 2,000 waɗanda suka tsaya masa a kan naira 50,000 kowanne, wato naira miliyan 100. A watan Maris ya saro buhu 2,000 a kan naira 60,000, miliyan 120 ke nan. A watan Yuli ya yi babban sari, buhu 4,000 a kan naira 80,000, wanda ya ci miliyan 320. A watan Nuwamba ya ƙaro buhu 2,000 a kan naira 90,000, miliyan 180.

Jimla, buhu 10,000 suka bi ta sitonsa, kuma kuɗinsu naira miliyan 720. Ya sayar da buhu 7,500, ya karɓi naira miliyan 630. Ranar ƙidaya aka sami buhu 2,500. Kuɗin haya da albashi da wuta da sauran hidimomin shekara suka tashi naira miliyan 30. Duk waɗannan alƙaluma a tsaye suke, akwai rasit da takardun banki da za su tabbatar da su. Abin da ya rage a yanke shi ne yadda za a raba miliyan 720 ɗin nan tsakanin buhu 7,500 da suka fita da buhu 2,500 da suka rage.

Hanya ta farko: wanda ya riga shiga shi ke riga fita

Wannan ita ce hanyar da ake gani a manhajojin lissafi da sunan FIFO. Ana ƙaddara cewa tsohon kaya aka fara sayarwa, sannan wanda ya biyo bayansa, haka har zuwa ƙarshe. Idan haka ne, abin da ya rage a sito shi ne sarin baya-bayan nan. Don haka ana lissafa ragowa ne daga ƙarshen shekara a koma baya.

A misalinmu, buhu 2,000 daga cikin 2,500 na sarin Nuwamba ne, a kan naira 90,000, wato miliyan 180. Sauran buhu 500 na sarin Yuli ne, a kan naira 80,000, wato miliyan 40. Ragowar kaya ta tashi naira miliyan 220. A cire ta daga miliyan 720, uwar kuɗin kayan da aka sayar ta zama miliyan 500. Ciniki miliyan 630 ne, don haka an ci miliyan 130 a kan kaya. A cire miliyan 30 na hidimomi, riba ta tsaya a naira miliyan 100.

Ya kamata a fahimci cewa wannan ƙaddarawa ce ta lissafi. Ba dole ba ne 'yan dako su kasance sun fara fitar da tsofaffin buhuna a zahiri. Sau da yawa ma sabon kaya ne a bakin ƙofa, kuma shi ake fara jawowa. Ƙa'ida ba ta ce sai tafiyar buhu a sito ta dace da tafiyar farashi a takarda ba, ko da yake mai sayar da kayan da ke lalacewa, kamar magani da madara da fulawa, yana da dalilinsa na dabam na fara fitar da tsoho.

Hanya ta biyu: matsakaicin farashi

A wannan hanya ba a tambayar wane buhu ne ya riga wani. Ana ɗaukar duk buhunan a matsayin abu ɗaya, a haɗa kuɗinsu gaba ɗaya, a raba da yawansu. Naira miliyan 720 a raba wa buhu 10,000, kowane buhu ya tsaya a kan naira 72,000. Wannan farashi shi za a liƙa wa wanda ya fita da wanda ya rage baki ɗaya.

Ragowar buhu 2,500 a kan naira 72,000 ta zama miliyan 180. Uwar kuɗin kayan da aka sayar ta zama miliyan 540. An ci miliyan 90 a kan kaya, kuma bayan cire hidimomi riba ta tsaya a naira miliyan 60.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Wani zai haɗa farashi huɗun, 50,000 da 60,000 da 80,000 da 90,000, ya raba huɗu, ya sami 70,000. Wannan ba daidai ba ne, domin ya ba sarin buhu 4,000 nauyi ɗaya da sarin buhu 2,000. Dole kowane farashi ya ja gwargwadon yawan kayan da aka saya da shi. Bambancin naira 2,000 a buhu yana iya zama kamar ba komai ba, amma a buhu 2,500 naira miliyan 5 ce ta ɓace daga riba.

Haka kuma matsakaicin farashi iri biyu ne. Akwai wanda ake fitarwa sau ɗaya a ƙarshen shekara ko ƙarshen wata, kamar yadda muka yi. Akwai kuma wanda ake sabuntawa duk lokacin da sabon kaya ya shigo, a haɗa kuɗinsa da na abin da ke ƙasa a wannan rana a sake rabawa. Yawancin manhajojin sito na biyun suke bi. Dukansu ƙa'ida ta yarda da su, amma amsarsu ba ɗaya ba ce: lokacin hawan farashi, wanda ake sabuntawa yakan ba ragowar kaya ƙima mafi girma, ya matso kusa da FIFO. Shi ya sa wani lokaci alƙaluman manhaja da na akanta suke saɓawa alhali ba wanda ya yi kuskure.

Abin da haraji ya gani

Sito ɗaya, ciniki ɗaya, kuɗin da ke banki ɗaya, amma riba biyu: miliyan 100 da miliyan 60. A Najeriya manyan kamfanoni suna biyan harajin kashi 30 cikin 100 na ribarsu. Ribar da ake yanka wa haraji ba daidai take da ta littafin akanta ba koyaushe, domin akwai kashe-kashen da doka ba ta yarda a cire ba, akwai kuma rangwamen da take bayarwa a kan injuna da motoci. Amma ƙimar ragowar kaya tana wucewa ne kai-tsaye daga littafi zuwa takardar haraji. Idan muka bar sauran gyare-gyaren a gefe, kamfanin zai biya naira miliyan 30 a hanya ta farko, miliyan 18 a hanya ta biyu. Tazarar naira miliyan 12 ce, kuɗin buhu fiye da 130 a farashin Nuwamba.

Wanda ke kasuwanci da sunansa, ba da sunan kamfani ba, hukumar tara haraji ta jiharsa yake biya, kuma harajinsa hawa-hawa ne: yadda riba ta ƙaru, haka kason da ake cira daga samanta yake ƙaruwa. A wurinsa ƙarin riba na takarda yana iya tura shi matakin da ya fi tsada. Ƙananan kamfanoni kuwa doka ta ɗauke musu harajin riba, kuma sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun ci gaba da wannan sassauci. Sai dai ana auna ƙanƙantar kamfani ne da yawan cinikinsa, ba da ribarsa ba, kuma hauhawar farashi kaɗai ta isa ta tsallakar da dila wannan iyaka ba tare da ya sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba.

Ribar da ba a gani a aljihu

Kukan da ake yawan ji a bakin 'yan kasuwa a shekarar tsada shi ne: akanta ya ce an ci riba, amma ina kuɗin? Amsar tana cikin misalinmu. A hanyar FIFO, buhun da aka saya naira 50,000 a farkon shekara aka sayar da shi, a ce, naira 84,000, takarda ta rubuta ribar 34,000. Amma da dilan ya koma sari don ya mayar da gurbin wannan buhu, naira 90,000 aka ce masa. Duk abin da ya karɓa bai isa ya sayi buhu ɗaya ba, sai ya cika da 6,000. Ribar da aka rubuta ta koma cikin kaya, kuma idan ya cire ta ya kashe, sitonsa zai ragu. Haraji kuwa da tsabar kuɗi ake biya, kuma daga jarin juyawa ake zaro shi.

Wannan ya zama babban al'amari tun daga 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban wannan shekara. A lokacin da farashi ke zaune, hanyoyin biyu kusan amsa ɗaya suke bayarwa, kuma ba wanda ya damu da wacce aka bi. Gudun farashi ne ke buɗe tazarar, kuma tana ƙara faɗi idan kaya suna daɗewa a sito kafin su fita.

Matsakaicin farashi ba ya kawar da wannan riba ta takarda, rage mata kaifi yake yi, domin yana gauraya tsada da araha. Akwai hanya ta uku da take kusan kawar da ita, wadda ake kira LIFO, inda ake ƙaddara cewa sabon kaya aka fara sayarwa. A misalinmu za ta bar ragowa a kan tsohon farashi, miliyan 130, riba kuma ta sauko miliyan 10. Amurka ta yarda da ita har yau. Amma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafin kaya, IAS 2, ta soke ta a gyaran da aka yi a 2003, wanda ya fara aiki a 2005, kuma Najeriya ta fara bin waɗannan ƙa'idoji daga 2012. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake bin tsarin lissafi na SYSCOHADA, waɗannan hanyoyi biyu da muka yi bayani su ne aka sani. Don haka ɗan kasuwar da wani ya ba shawarar bin LIFO don rage haraji ya san cewa odita ba zai sa hannu ba.

Jinkiri ne, ba yafewa ba

Kada a ɗauka miliyan 12 ɗin nan ta tafi ke nan. Ragowar bana ita ce kayan buɗe baɗi, kuma da ƙimar da aka rufe da ita za a buɗe. A ce a Janairu kamfanin ya sayar da buhu 2,500 ɗin duka a kan naira 100,000, ya karɓi miliyan 250. Wanda ya bi FIFO ya ɗauko su a kan miliyan 220, ribarsa miliyan 30. Wanda ya bi matsakaicin farashi ya ɗauko su a kan miliyan 180, ribarsa miliyan 70. A haɗa abin da aka ci a kan kaya a shekara biyun: 130 da 30 sun ba da 160, haka ma 90 da 70. Miliyan 40 da ta ɓuya a shekarar farko ta fito a ta biyu, kuma haraji ya same ta.

Ashe zaɓin hanya ba ya canza jimlar ribar da kasuwanci zai ci a tsawon rayuwarsa. Abin da yake canzawa shi ne shekarar da ribar za ta bayyana. Amma wannan jinkiri yana da daraja ta gaske. Naira miliyan 12 da ta ƙara shekara guda a hannun dila tana juyawa ta fi wadda aka biya yau, musamman inda kuɗin ruwan banki ya haura kashi 20 cikin 100. Kuma kasuwancin da ke ci gaba ba ya share sitonsa, kullum akwai ragowa, don haka muddin farashi na hawa, jinkirin sabuntawa yake yi shekara bayan shekara.

Ranar da farashi ya juya kuwa, lissafin ma juyawa yake yi. Manoma da dillalan hatsi sun ga haka a 2025, lokacin da farashin shinkafa da masara ya sauko bayan tsadar shekarar da ta gabata. Idan farashi na faɗuwa, sarin ƙarshe shi ne mafi araha, don haka FIFO ce ke ba ragowa ƙima mafi ƙanƙanta da riba mafi ƙanƙanta, matsakaicin farashi kuma ya riƙe tsohuwar tsada a cikin ragowa ya ɗaga riba. Babu hanyar da take rage haraji a kowane yanayi.

Idan kasuwa ta faɗi ƙasa da uwar kuɗi

Akwai sharaɗi ɗaya da ke sama da hanyoyin biyu. Ba a rubuta kaya da ƙimar da ta wuce abin da za su iya kawowa. Ana kwatanta uwar kuɗinsu da abin da za a samu idan an sayar da su, bayan cire kuɗin da sayarwar za ta ci, sai a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta.

A ce a ƙarshen Disamba shinkafa ta karye, abin da buhu zai kawo bayan cire dako da la'ada ya koma naira 75,000. Buhu 2,500 za su kawo miliyan 187.5. Mai bin FIFO ya rubuta miliyan 220, don haka dole ya sauke ƙimar da miliyan 32.5, ya ɗauki wannan a matsayin asarar bana. Mai bin matsakaicin farashi ya rubuta miliyan 180, wadda take ƙasa da abin da kayan za su kawo, don haka ba abin da zai taɓa. Haka ake yi wa kwantai, da kayan da suka jiƙe, da waɗanda wa'adinsu ya kusa. Sai dai jami'an haraji hujja suke nema: jerin kayan da abin ya shafa, da rasit ɗin cinikin Janairu da ke nuna farashin da aka sayar. Ragin da aka yi da ka, a ce kashi kaza na duk kayan sito ya lalace, shi ne na farko da suke mayarwa cikin riba.

Mai fitar da zakka ya lura cewa wannan ƙima dabam take da ta zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kayansa yana yi musu kuɗi ne da farashin kasuwa na ranar da shekara ta kewayo. Lissafin haraji da uwar kuɗi yake aiki, kuma ba ya hawa sama da ita ko da kasuwa ta ninka. Wanda ya ɗauki alƙaluman zakka ya kai wa akanta zai biya haraji a kan ribar kayan da bai sayar ba.

Inda lissafi ke lalacewa

Kuskuren da ya fi tsada sau da yawa ba na zaɓin hanya ba ne, na iyakar shekara ne. Tirela ta iso ranar 30 ga Disamba da buhu 600, aka sauke, aka ƙirga su ranar ƙidaya, amma takardar kuɗinsu ba ta iso ofis ba sai Janairu, sai aka shigar da ita a sarin sabuwar shekara. Kayan suna cikin ragowa, kuɗinsu ba ya cikin sari. A kan naira 90,000, riba ta kumbura da miliyan 54 da ba ta wanzu ba. Irin wannan ne ke faruwa idan aka ƙirga kayan da wani ya saya ya bar su ajiya, ko kayan da wani ya ba da a sayar masa.

Na biyu shi ne abin da ake sawa cikin uwar kuɗi. Farashin sari, da kuɗin kwastam, da kuɗin mota da dako har kaya su shiga sito, duk suna ciki, bayan an cire ragin da mai kaya ya yi. Kuɗin talla, da albashin ofis, da kuɗin kai wa mai saye kaya, da asarar da ta wuce ƙa'ida, ba sa ciki. Dilan da ya tura duk kuɗin mota cikin hidimomin shekara ya rage ƙimar ragowarsa, kuma mai bincike zai gyara masa.

Alamar da ke tona irin waɗannan kura-kurai ita ce kason riba a kan ciniki. Dilan da ya saba cin naira 12 zuwa 15 a kowace ɗari, bana ya nuna 4 ko 25 ba tare da wani dalili na kasuwa ba, ragowar kayansa za a fara dubawa. Jami'in haraji zai nemi takardar ƙidaya da sa hannun waɗanda suka yi ta, da rasit ɗin sarin ƙarshe, ya kuma duba ko ƙimar da aka buɗe shekara da ita ta yi daidai da wadda aka rufe bara.

Wacce za a zaɓa

Ƙa'ida ta bar zaɓi, amma ta ɗaure shi da sharaɗi biyu. Kayan da suke iri ɗaya, masu amfani ɗaya, hanya ɗaya za a bi musu, ko da a garuruwa dabam-dabam suke. Kuma wadda aka zaɓa ita za a riƙe shekara da shekaru. Ana iya canzawa idan sabuwar hanyar ta fi nuna gaskiyar kasuwancin, amma sai an bayyana canjin da dalilinsa a cikin rahoton kuɗi, an kuma gyara alƙaluman bara don su yi daidai. Bin matsakaicin farashi a shekarar tsada a koma FIFO a shekarar araha ba dalili ba ne da za a karɓa. Kayan da kowanne ke da kamanninsa, kamar motoci masu lamba ko sarƙoƙin gwal, ba sa shiga wannan zaɓi ma, kowanne da ainihin kuɗin da aka saye shi ake rubuta shi.

Ga mai sayar da kayan da ke gaurayuwa, fetur a tanki, hatsi a rumbu, siminti da shinkafa da sukari masu shigowa tirela bayan tirela, matsakaicin farashi ya fi dacewa da yadda kasuwancin yake, kuma a ƙasar da farashi ya fi yawan hawa a kan sauka, yana hana haraji cin jari da wuri. FIFO tana da nata amfanin: ƙimar ragowa takan yi kusa da farashin yau, riba takan fito da girma, kuma wannan yana taimaka wa mai neman rance a banki ko mai neman abokin tarayya. Amma ba a nuna wa banki riba ɗaya a nuna wa hukumar haraji wata. Wanda ya zaɓi babbar riba ya zaɓi harajinta.

Saboda haka tambaya uku ce ya kamata mai kasuwanci ya yi wa akantansa kafin ya sa hannu a rahoton shekara: wace hanya aka bi wajen yi wa ragowar kaya kuɗi, ita ce aka bi bara, kuma nawa ribar za ta kasance da an bi ɗayar? Akantan da ke da takardar ƙidaya da rasit ɗin sari a hannu zai iya fitar da amsa ta uku cikin sa'a guda, kuma daga ita mai kaya zai san nawa ne cikin ribarsa ya fito daga ciniki, nawa ne hauhawar farashi ta rubuta masa.